Sa rana daban, ɗaurin aure daban, tarewa daban: ranaku uku na ƙungiya

 

A wannan fitowa za mu tsaya kan tambaya guda wadda ake yi mana duk inda muka kai takarda, ko banki ne, ko asusun bada rance, ko ofishin masu tallafi: "Yaushe aka kafa ƙungiyarku?" Tambayar kamar mai sauƙi, amma a tara mata goma na ƙungiya ɗaya a yi musu ita, sai a ji amsa uku. Wata ta ce shekarar da muka fara zama gindin bedi. Wata ta ce shekarar da aka ba mu takarda. Wata ta ce a'a, ranar da muka fara saye da sayarwa. Kuma duk cikinsu babu maƙaryaciya. Ranakun ne uku, kowace da aikinta. Mu sai da rikita su ya kusa raba wata baiwar Allah da awakinta kafin muka gane haka.

Mu fara da abin da kowa ta sani. Aure yana da ranar da iyaye suka zauna aka sa rana, yana da ranar ɗaurin aure gaban liman da shaidu, yana da ranar tarewa. In aka tambayi mace yaushe ta yi aure, tana iya faɗin kowace. Amma in magana ta kai gaban alƙali, ta gado ce ko ta sadaki, ranar ɗaurin aure yake nema. Haka kamfani yake, haka ƙungiyar gama kai take. Ranar kafawa ita ce sa rana. Ranar rajista ita ce ɗaurin aure. Ranar fara kasuwanci ita ce tarewa.

Manyan kamfanoni ma haka suke. Kamfanin Somayir mai haƙar yuraniyom a Arlit an kafa shi a 1968, amma sai a 1971 ya fara fitar da ƙarfen. Matatar mai ta Soraz a Damagaram an aza tubalinta na farko a 2008, amma sai ranar 28 ga Nuwamba 2011 aka buɗe ta. Wanda ya ce matatar ta 2008 ce bai yi ƙarya ba, wanda ya ce ta 2011 ce shi ma bai yi ba. Sai dai in kana son sanin shekara nawa ta yi tana tace mai, ba daga aza tubali za ka ƙirga ba.

Abin da doka ta ce

Nijar tana cikin ƙasashe 17 da suka haɗa dokokin kasuwancinsu ƙarƙashin yarjejeniyar OHADA, wadda aka sa wa hannu a 1993. Cikin dokokin akwai ta ƙungiyoyin gama kai, wadda aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ta fara aiki a 2011. Ita ce ta kawo ƙaramar ƙungiyar da ake gani an rubuta SCOOPS a gaban sunanta, wadda mutum biyar ma sun isa su kafa.

Abu biyu muke so ku riƙe daga wannan doka. Na farko, a wurinta kafawa ba ranar da tunani ya zo muku ba ce. Ranar da kuka yi babban taron kafawa, kuka amince da dokokin ƙungiya kuka sa musu hannu, ita ce. Na biyu, ko bayan wannan sa hannun, ƙungiya ba ta zama "mutum" a idon doka ba sai ranar da aka shigar da ita kundin rajista aka ba ta lamba. Daga ranar ne take iya mallakar kaya da sunanta, ta ci bashi da sunanta, ta kai ƙara, a kai ta ƙara. Kamfanonin kasuwanci kundinsu daban ne, shi ake kira RCCM, ƙungiyoyin gama kai kuma da nasu kundin, amma ƙa'idar ɗaya ce. Doka ta ce a nemi rajistar cikin wata guda bayan kafawa, don kada tazarar ta yi tsawo.

To, a tsakanin sa hannu da fitowar lamba, in wata ta ɗauko kaya bashi da sunan ƙungiya, wa ake bi? Nan gizo ke saƙa, kuma nan muka faɗa.

Yadda ta faru gare mu

Asusunmu ya fara a 2016, mu 25, irin tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991: zubi duk mako, akwati mai makullai, rance tsakaninmu, rabo in shekara ta zagayo. Shekara biyar muna haka ba mu da takardar kowa, kuma ba ta dame mu ba, don kuɗinmu ne ke yawo tsakaninmu.

A ƙarshen 2021 mu 12 daga ciki muka ce mu gwada ajiyar albasa. Kowa ta san yadda abin yake a ƙasarmu: lokacin cira, wajen Maris da Afrilu, albasa ta cika kasuwa ba ta da daraja, wanda ya iya ajiye ta cikin rudu har bayan damina shi ke cin riba. Kowace ta kawo jikka 15, jarinmu ya zama jikka 180. Ranar 6 ga Fabrairu 2022 muka yi babban taro, aka karanta dokoki da Hausa, muka zaɓi shugaba, ma'ajiya da magatakarda, masu iya rubutu suka sa hannu, saura suka dangwala yatsa. Aka yi guɗa, aka sha fura. A ranmu an gama.

Ashe ba a gama ba. Takardun sun kwana biyu cikin jakar magatakarda, da aka kai su kuma aka ce da sauran takardun shaidar wasu shugabanni. Kafin a haɗa, a koma, a jira, sai ranar 19 ga Mayu 2022 lambarmu ta fito.

Albasa kuwa ba ta jiran lamba. Ranar 10 ga Afrilu wani mai lambu ya yarda ya ba mu buhu 60, kowane jikka 8, duka jikka 480. Muka ba shi jikka 180 ɗin da ke hannu, saura jikka 300 sai ƙarshen Agusta. Aka rubuta takarda da sunan ƙungiya, shugabarmu da ma'ajiya suka sa hannu. Dukanmu mun san da maganar, har da mu aka yi ta jidar albasa zuwa rudu. Amma babu inda aka rubuta cewa taro ya ba su izinin cin wannan bashi.

Damina ta sauka, rufin rudu ɗaya ya yi yoyo. Da muka tsince ruɓaɓɓu a Agusta, buhu 40 suka rage. Farashi a lokacin jikka 11 ne. In muka sayar duka mu sami jikka 440, mu biya 300, a bar mu da 140, ko jarinmu bai dawo ba. Yawancinmu suka ce a jira Nuwamba. Mai lambu ya ce shi ba ya jira, yana da nasa masu binsa.

Bai zo wurin taro ba. Ƙofar gidan shugabarmu ya je, tare da ɗansa da ya yi boko. Yaron ya ɗora takardu biyu a tabarma, ta bashi da kwafin ta rajista, ya nuna kwanan watan kowace.

Mai lambu ya ce, "Hajiya, ni ban san wata ƙungiya ba. Ran da munka yi magana, ke da ma'ajiyarku kunka sa hannu. Yaro ya ce ran nan ƙungiyarku ko lamba ba ta da. Ke nika bi."

Ta ce, "Haba Alhaji, albasar ga ɗakina ka kai ta? Ba rudun ƙungiya anka zuba ta ba?"

Ya ce, "Wagga tsakaninku ce. Ni dai ga awaki nan ina gani."

Ta zo mana da dare tana kuka. Washegari muka ɗauki takardun muka je wurin wani ma'aikacin da ke bin ƙungiyoyin manoma, muna sa ran ya ce mai lambu ya yi zalunci. Ya duba ya ce yaron bai yi kuskure ba. Alkawarin da aka ɗauka da sunan ƙungiya kafin rajista ba ya hawa kanta haka kawai. In ƙungiya ba ta karɓe shi ba, waɗanda suka sa hannu ake bi, kuma ba rabi da rabi ba: mai bashi yana da ikon ya kama ɗaya daga cikinsu ya ce ta biya duka, daga dukiyarta ta kanta, babu iyaka. Jikka 15 ta zuba a ƙungiya, amma jikka 300 ke wuyanta.

Nan misalin aure ya tsaya, ƴan'uwa. A gidajenmu ba a tarewa kafin ɗaurin aure, amma a kasuwanci kullum ana yi, kuma mu ma abin da muka yi ke nan: kafawa a Fabrairu, ciniki a Afrilu, rajista a Mayu. Kwana 39 ne kacal tsakanin takardar bashi da lamba, amma cikin wannan ɗan tsakanin bango ya tsage.

Yadda aka ɗinke

Dokar da ta ɗaure ita ce ta nuna hanyar kwancewa. Ƙungiyar da ta riga ta sami rajista tana iya kiran babban taro ta karɓi alkawarin da aka ɗauka dominta. In ta karɓa, ana lissafa shi kamar tun farko ita ce ta ɗauka.

Muka kira taro. Magatakarda ta rubuta abin da aka yi dalla-dalla: ranar 10 ga Afrilu, buhu 60, jikka 480, an biya 180, saura 300, da sunayen masu sa hannu. Aka karanta da ƙarfi. Shugaba da ma'ajiya ba su shiga ƙuri'a ba, tunda maganarsu ake yi. Mu goma muka rage. Ba za mu ɓoye muku ba, taron bai yi daɗi ba. Wata ta ce, "Ni ban sa hannu ba, don me za a ɗora mini?" Wata dattijuwa cikinmu ta ce mata, "Ɗiyata, da albasar ta yi tsada, da ba ki miƙa hannu wurin rabo ba?" Takwas suka yarda, biyu suka ƙi. Aka rubuta sakamakon a takardar taro, aka sa kwanan wata, aka sa hannu.

Da wannan takarda muka koma wurin mai lambu, yanzu ƙungiya ce ke magana da shi. Muka sayar da buhu 15 a jikka 11, muka sami 165, muka ba shi 150 a Satumba, ya yarda ya jira sauran. Zuwa Nuwamba buhu 25 ɗin da suka rage sun koma 22, muka sayar a jikka 18, kuɗi ya kama 396. Muka cika masa 150 ɗinsa. Abin da ya rage mana, haɗe da jikka 15 ta cinikin farko, jikka 261 ne, kafin a cire kuɗin gyaran rudu da na ƴan dako. Awakin Hajiya suna nan. Amma ku lura, ƙuri'a ce ta cece ta. Da shida sun ƙi, ba ta da abin kamawa a takarda.

Ma'aikacin ya nuna mana abin da ya kamata mu yi tun ranar 6 ga Fabrairu, kuma bai fi layi biyar ba. Tunda mun san lokacin albasa zai zo kafin lamba, sai taron kafawa ya rubuta izini: mun wakilta wance da wance su sayo albasa da sunan ƙungiya, kada ta wuce buhu kaza, kada bashi ya wuce kuɗi kaza, a biya zuwa wata kaza. In izinin ya fayyace abin da za a yi da yadda za a yi shi, ranar da lamba ta fito alkawarin ya koma kan ƙungiya da kansa, ba sai an sake taro ba. Izini na "su yi duk abin da ya dace" ba ya wannan aiki. Abin da aka kashe ko aka ɗauka tun kafin taron kafawa kuma, kamar kuɗin kama wurin ajiya, ana jera shi a takarda guda a gabatar wa taron, ya amince da shi tare da dokoki.

Karo na biyu: shekara nawa kuka yi?

Kuna tsammanin mun koyi darasi. A 2024 muka nemi rance a wani asusu don mu ƙara rudu. Cikin sharuɗɗansu akwai cewa ƙungiya ta kai shekara uku da takarda. A gurbin ranar kafawa magatakardarmu ta rubuta 2016, da zuciya ɗaya, don a ranta tun lokacin muke tare. Aka lanƙaya takardar rajista mai 2022 a baya. Bayan mako uku aka dawo mana da takardun, ma'aikaciyar ta ce, "Hajiya, ko dai kun yi kuskure, ko kuna son ku ƙara wa kanku shekaru." Kunya ta kama mu. Rancen dama ba za mu samu ba a shekarar, don ba mu cika ukun ba. Abin da ya fi mana ciwo shi ne an fara kallonmu da ido biyu.

Kuskuren a nan iri biyu ne. Na ɗaya, mun ba da ranar tarihi inda ake neman ranar doka. Na biyu, mun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Asusun 2016 na mata 25 ne, aikinsa zubi da rance. Ƙungiyar albasa ta mata 12 ce, an haife ta a 2022. Uwa da ɗiya ne, kuma ɗiya ba ta aron shekarun uwarta. Shekarun asusu ba su ɓace ba, suna nuna mun iya riƙon amana da lissafi, amma wurinsu bayanin tarihi ne, ba gurbin ranar rajista ba.

Ranar fara kasuwanci ita ma tana da nata masu tambaya. Mai bada rance yana son ya san damina nawa kuka ajiye kaya kuka sayar, don lamba ba ta nuna an iya ciniki. Akwai ƙungiyoyin da suka yi rajista don an ce tallafi na zuwa, takarda ta shekara biyar cikin akwati, ko tiya ɗaya ba su taɓa saye ba. Irin wannan a doka tana da shekara biyar, a kasuwa ba a haife ta ba. Masu haraji ma suna tambayar ranar fara aiki. Kuma kada a ɗauka ranar sayarwa ta farko ce kawai. Mu ba mu sayar da ko albasa ɗaya ba sai Satumba, amma cinikinmu ya fara ranar 10 ga Afrilu, ran da muka sayi kaya don mu sayar. Shaidar wannan rana ba hatimin hukuma ba ne. Shafin farko na littafin shiga da fita ne, da takardar saye ta farko. In babu littafi, babu ranar, sai dai ka ce na ce.

Yadda za ku gane wadda ake nema

Yanzu a bangon littafinmu, daga ciki, mun rubuta layi huɗu, kowane da takardar da ke tsaya masa:

Fara asusu: 2016. Shaida, tsohon littafin zubi.
Taron kafa ƙungiya: 6 ga Fabrairu 2022. Shaida, takardar taro da dokoki masu sa hannu.
Fara kasuwanci: 10 ga Afrilu 2022. Shaida, takardar sayen albasa da littafin kuɗi.
Rajista: 19 ga Mayu 2022. Shaida, takarda mai lamba da hatimi.

In aka miƙo mana takardar cikewa, muna duba abin da ke kusa da gurbin. In ana neman lamba a gefensa, ranar rajista ake so. In ana tambayar kuɗin da aka juya ko yawan kayan da aka sayar, ranar fara kasuwanci ce. In kuwa bayanin ƙungiya ake so ko za a yi bikin cika shekara, a faɗi ta tarihi a sha guɗa. In gurbin guda ne kuma bai fayyace ba, muna tambayar mai takardar, "Ta taro kuke so ko ta lamba?" In babu wanda za a tambaya, sai mu sa ta rajista, mu ƙara sauran a ƙasa da bayaninsu.

Masu tsohuwar takardar amincewa da aka ba su tun kafin dokar 2010, waɗanda daga baya suka sake rajista a sabon tsari, su ajiye duka biyun, kada su yar da tsohuwar. Kowace tana shaidar lokacinta.

Ga aikin da muke roƙon kowace ƙungiya ta yi a zaman mako mai zuwa. A fito da takardar rajista a karanta kwanan watanta da ƙarfi. Sannan a fito da duk takardar bashi, ta haya ko ta sayen fili da aka yi da sunan ƙungiya, a duba ko akwai wadda ta girmi lambar. In an samu, kuma ba a gama biya ba, a sa ta cikin babban taro na gaba a karɓe ta a rubuce, tun ana dariya da juna, tun mai kaya bai zo ƙirga awakin kowa ba. Waɗanda kuma takardunsu ke hanya, ga lokacin albasa na matsowa, su rubuta izinin nan kafin wata ta dangwala yatsa.

Allah ya sa wa zubinmu albarka, ya tsare mu da bashin da ba mu shirya ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.